Ina "ashe" ɗin labarinka?

Assalamu alaikum Baba. Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi, shekaruna 26. In na ɗauko labari a fadarmu, kafin in kai tsakiya wannan ya jawo waya, wancan ya miƙe wai zai duba shayi. Shekaranjiya wani abokina ya ce mini, "Don Allah faɗi ƙarshen mu huta." Aka yi dariya, ni kuwa abin ya kwana a raina. Ga saƙon murya na haɗo maka, labarin ne yadda na ba su shi. Ka gaya mini gaskiya, in riƙa yin shiru ne kawai a cikin mutane?

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi shiru. Na saurari saƙonka sau biyu, kuma a karo na biyu sai da na ajiye abin da nake yi, domin labarin da ke hannunka mai kyau ne ƙwarai. Inda aka samu matsala wajen yanka ne. Kai da kake riƙe almakashi kullum za ka gane ni da sauri: an ba ka shadda mai tsada, ka ɗora wa mutum ita a kafaɗa yadda ta fito daga kasuwa, ba awo, ba wuya, ba aljihu.

Bari in gaya maka abin da na ji, da agogo a gabana. Saƙon minti 7 ne da sakan 40. Ka fara daga sahur. Ka faɗi cewa an ɗauke wuta da dare, ka faɗi sunan mai shaddar da unguwarsu da yadda kuka san juna, ka tsaya kana gardama da kanka ko ranar Litinin ce ko Juma'a ka shiga babbar kasuwa, ka lissafa shaguna uku da ka taya kaya ba ka saya ba. Ɗan kabu-kabun da labarin ya rataya a wuyansa bai shigo ba sai a minti na 5. Maganar da ta fi kowace nauyi kuwa, wadda ka gaya masa cikin fushi, ka faɗe ta da gudu kamar mai tsallake kwata, ka wuce. Abokanka sun yi minti biyar suna tafiya a bayanka ba su san inda za a je ba. Ko mai ƙaunarka ne, ƙafarsa za ta gaji.

Na san abin da ke jawo wannan, kuma ba wauta ba ce. Abu yakan zauna a ƙwaƙwalwar mutum a jere yadda ya faru, daga safe zuwa dare, saboda haka in ya buɗe baki sai ya kamo daga safen. Sannan akwai tsoron kada a ce ƙarya kake, shi ya sa kake tara shaidu: rana kaza, wurin wane, a gaban wane. Amma a fada ba gaban alƙali kake ba. Abokanka sun yarda ka je kasuwa. Abin da suke jira su ji shi ne dalilin da ya sa zuwan nan ya bambanta da sauran zuwa ɗari da ka yi.

Hausa ta tanadar mana kalma guda da ke nuna wurin nan, ita ce "ashe". Ka saurari duk wanda ake son hirarsa, za ka ji labarinsa yana tafiya a kan "sai... sai... sai", har ya iso inda zai ce "ashe". Ashe mutumin ɗan'uwan matarsa ne. Ashe kuɗin suna cikin ɗaya aljihun. Nan ne abin da mai labari ya zata ya yi karo da abin da yake gaskiya, kuma don wannan karon ake ba da labari. Wanda ba shi da "ashe" rahoto ne, irin wanda yaro ke kawo wa uwarsa in an aike shi. Don haka aikin farko, tun kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka a zuci: ina "ashe" ɗina? In ka kasa faɗinsa a jimla ɗaya, labarin bai nuna ba tukuna, ka bar shi a kan wuta.

Naka ga shi: mutumin da na ce ba ya tsoron Allah a kan dala ashirin, ashe shi ne zai yi ta yawo yana nemana da kayan jikka tamanin da biyar. Shi ke nan. Duk abin da ke cikin minti bakwai ɗin nan, ka auna shi da wannan jimla. In an cire shi "ashe" ya rage ƙarfi, ya zauna. In an cire shi ba abin da ya canza, ƙyalle ne, ya sauka ƙasa.

Mu gwada. Azumi ya zauna, domin shi ya sa ranka ya ɓaci da wuri, shi ne kuma ya sa yawon da bawan Allah nan ya yi cikin rana ya zama abin ji. Saura kwana shida Salla ya zauna, don kowa a Maradi ya san halin da tela ke ciki a goman ƙarshe, ba sai an yi masa bayani ba. Cewa kayan na mutane ne, da kuɗinsu, dole su zauna. Sahur, ɗauke wuta, shagunan da ka taya, launin shaddar, duk su tafi. Litinin ko Juma'a kuwa, kasuwa na ci a duka biyun, ba wanda zai kama ka. Sunan mai kayan ma ka cire, ba don gajartawa kaɗai ba. Mutum bai ba ka izinin yawo da sunansa da adadin kuɗinsa a fada ba. "Wani mai ɗinki a wurina" ya wadatar.

Ga yadda zai iya fitowa, da kalmominka na ɗauko, ban ƙara ko ɗaya daga waje ba:

"Wannan magana ta ƴan kabu-kabu da kuke yi, ni akwai wanda ya ba ni kunya a azumin bana. Saura kwana shida Salla na sayo shaddar mutane ta jikka tamanin da biyar, na hau kabu-kabu daga babbar kasuwa. Da muka iso ya ce dala sittin, na ce arba'in. Ga rana, ga ƙishirwa, muka yi ta ja, har na ce masa, 'Ku dai ba ku tsoron Allah.' Na ajiye masa arba'in a kan sirdi na shige shago. Sai da na ɗauki alli zan yi zane na tuna ledar tana ɗaure a bayan babur. Ban san sunansa ba, ban riƙe lambarsa ba. Aka sha ruwa, ko dabino na kasa haɗiyewa. Bayan Magariba sai ga sallama. Ashe tun la'asar yake bin shagunan teloli ɗaya bayan ɗaya, ya manta ƙofar da ya sauke ni. Ya miƙo ledar ya ce, 'Duba kayanka, Malam.' Na ciro jikka biyar, ya girgiza kai. Ya ce, 'Cikon dala ashirin ɗina kawai za ka ba ni.'"

Ka karanta shi da ƙarfi ka duba agogon wayarka. Ba zai wuce minti ɗaya da ƴan sakanni ba. Ni ma'aunin da nake ba mutane shi ne wannan: labarin da ba a roƙe ka ba, tsakanin minti ɗaya da biyu. In ya fi haka, sai dai in masu sauraro ne suka ja shi da tambayoyinsu.

Ka lura da abubuwa biyu a cikinsa. Na farko, na bar maganganun mutane a bakinsu. "Ya nuna ba ya son lada" da "Cikon dala ashirin ɗina kawai za ka ba ni" ma'anarsu ɗaya, amma ta biyun ce za ta sa fada ta yi tsit. In za ka kashe lokaci a wani wuri, kashe shi a nan, inda aka yi magana da inda zuciyarka ta buga. Hanya da ciniki a bi su da sauri. Na biyu, na dawo da maganar da ka so ka ɓoye, na sa ta a fili. Na san da nauyi mutum ya faɗi inda ya yi ba daidai ba a gaban abokansa. Amma in ka cire "ba ku tsoron Allah", abin da ya rage labarin wani mutumin kirki ne da ya maido kaya, kuma kowa ya taɓa jin irinsa. Da ita ne ya zama naka, wanda ba mai iya ba da shi sai kai. Mutane kuma sun fi matsowa kusa da wanda ya nuna musu inda ya yi tuntuɓe fiye da wanda kullum shi ne gwani a labarinsa.

Wani masanin harshe Ba'amurke, William Labov, ya yi shekaru yana naɗar labaran da talakawa ke bayarwa da bakinsu a birnin New York. Yakan tambaye su ko sun taɓa shiga halin da suka zaci mutuwa ta zo. Shi da Joshua Waletzky sun fitar da nazarinsu na farko a 1967. Abin da na riƙe daga aikinsa shi ne cewa duk mai iya ba da labari yana kare kansa ne daga tambaya guda, wato a gama saurarensa a ce, "To, sai me?" Na kawo shi ne don a Hausa muna da tambayoyi biyu masu kama da juna, kuma tsakaninsu akwai tafiyar yini. "Sai aka yi yaya?" ta mai jin ƙishirwa ce, yana son ƙari. "To, sai me?" ta wanda aka shayar ne bai ji ɗanɗanon komai ba. Kunnenka ya koyi rarrabe su, ko da ba a furta su ba, don sau da yawa a fuska ake yin su.

Yanzu maganar jawo mai sauraro ciki, wadda a ganina ita ce ka fi buƙata. A saƙonka babu ƙofa ko ɗaya. Ka yi minti bakwai ba ka bar wurin da mutum zai ce ko "to" ba. Ka tuna yadda kakanninmu ke fara tatsuniya. Tsohuwa ba ta afkawa cikin labari haka kawai. Sai ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ta dakata, sai yara sun amsa "Ta zo mu ji ta" sannan ta ci gaba. Izini ta nema, kuma da yaran suka amsa sun ɗaura wa kansu alkawarin saurare. Hirar manya ma haka take, kalmomin ne suka canza. Jimlar farko a misalin da na ba ka, "akwai wanda ya ba ni kunya a azumin bana," aikinta ke nan. Ta gaya musu irin labarin da ke tafe, na kunya ne, ba na dariya ko na tsoro ba, don su san abin da za su jira. Bayan ka faɗe ta ka yi shiru na numfashi ɗaya. In wani ya ce "Kai haba, wane ne?" an buɗe maka. In ba wanda ya ɗago kai, ka haɗiye labarin ka adana shi. Ba a ƙi ka ba, lokacin ne bai yi ba, kuma labarin da aka adana ba ya lalacewa.

Jimlar nan tana da wani aiki kuma: ta ɗaura labarinka a jikin maganar da ke kan tabarma. In ana hirar ƴan kabu-kabu, ko amana, ko yadda azumi ke gajarta haƙuri, labarinka amsa ce ga abin da wani ya faɗa, kuma za a karɓe shi da hannu biyu. In ana tsakiyar musun kokowa, wane ne zai ɗauki takobi bana, ka ce "Af, na tuna wani abu," ka yanke wa mutane hanya ne, kuma ko labarin ya kai zuma daɗi da kunne ɗaya za a ji shi.

A tsakiya ma ka bar ƙofa. Wurinta a labarinka shi ne bayan "ledar tana ɗaure a bayan babur." Tsaya nan. Ka dubi fuskokinsu, ba butar shayi ba. Wani zai ce "Innalillahi," wani zai ce "Ta tafi ke nan." Wanda ya ce "ta tafi ke nan" ya sa hannunsa a cikin labarin, ya yi hasashe, yanzu dole ya tsaya ya ji ko ya canka. Shirun sakan biyu ne kawai, amma mai jin tsoron a ƙwace masa magana ba ya iya yin sa, sai ya ƙara gudu. Ina jin hakan a muryarka: duk inda ya kamata ka dakata, nan kake ƙara sauri. Gudun nan shi ke korar mutane.

A fada kuwa ba makawa sai an katse ka. Wani zai yi sallama a gaisa, za a miƙo kofi, za a kira salla. Ga gwaji mai ɗaci amma mai gaskiya: in an katse ka, kada ka koma da kanka. Ka jira. In wani ya juyo ya ce, "To, ina ledar?" labarin yana da rai, ka ɗora daga inda ka tsaya, ba daga farko ba. In ba wanda ya tambaya, ka bar shi ya tafi, ka ɗauki darasi a kan yadda ka fara shi. Haka nan in ka ga alamun gajiya tun kana ciki, ana cewa "eh, eh" da sauri, ko ido ya koma kan waya, kada ka ƙara bayani don ka dawo da su. Ka tsallaka kai tsaye zuwa "ashe" a jimla biyu ka sauka.

Saukar ma tana da wurinta. A saƙonka, bayan mutumin ya faɗi maganar dala ashirin, ka ƙara kusan minti guda kana bayanin cewa har yanzu akwai mutanen kirki a duniya, kuma bai kamata a raina kowa ba. Gaskiya ne, amma sun riga sun gane, kuma da ka faɗa musu ka ƙwace musu daɗin ganewa da kansu. Ka tsaya a kan maganarsa. Bari su ne za su ce "Allahu Akbar." In kana son ka ƙara wani abu, ya zama miƙa zance ne, ba wa'azi ba. Kana iya cewa, "Har yau ban san abin da ya kamata in yi masa ba. Ku da me za ku yi?" Sharaɗin kawai tambayar ta zama ta gaske, wadda kake son jin amsarta. Ko ka juya ga wanda ka san yana da irin nasa: "Kai da ka yi shekara biyu kana kabu-kabu, an taɓa mance kaya a wurinka?"

Abin da zai biyo baya sai ka shirya masa zuciya. Wani zai ce, "Ai ni ma a tashar Ɗan Isa..." ya kama nasa labarin, hira ta bar kanka ta koma kansa. Matasa da yawa suna jin haushin wannan, suna ganin an yi musu fashin magana. Ni kuwa a wurina babu shaidar da ta fi wannan nuna cewa labari ya shiga. Ya taɓa wani abu a cikinsa har ya tono nasa. Ka saurare shi yadda ka so a saurare ka, ka tambaye shi "Sai aka yi yaya?", kuma kada ka yi saurin ɗora na uku don ka fi shi. Labari ɗaya a zama ɗaya ya ishe ka a yanzu.

Kada ka ɗauka duk wuri fada ne. A gaban surukai ko dattawan unguwa, labarin nan zai koma jimla uku ko huɗu, kuma ba za ka rufe shi da "ku da me za ku yi" ba, don yaro ba ya yi wa babba jarrabawa; ka faɗa ka sunkuyar da kai, in sun so su ɗora. A wurin gaisuwar mutuwa ko duba marar lafiya, ka bar labarinka a gida gaba ɗaya, ko da ya yi kama da halin da suke ciki. Dogon labari kuma yana da ranarsa. In dattijo ya zauna yana ba da abin da ya ji daga iyayensa na ambaliyar 1945, yadda ruwan Gulbi ya ci tsohon gari aka hauro tudu, ana iya raba dare ba wanda ya motsa. Amma shi roƙonsa aka yi, kuma shekarunsa sun saya masa wannan lokacin. Kai da abokanka tsara ne, kowa da nasa a baki yana jiran layi.

Gargaɗi ɗaya, don na ga inda gyara ke kai wasu. Yanke abin da ba a buƙata halal ne, ƙari kuwa ƙarya ce. In ka ga labarin ya karɓu, zuciya za ta raya maka ka mayar da jikka tamanin da biyar ɗari biyu, ko ka ce sai tsakar dare ya zo. Kada ka yi. Fadarku ɗaya ce, mutanen su ne dai, kuma akwai wanda ya riƙe adadin farko. Ranar da aka kama ka sau ɗaya, duk "ashe" ɗinka na gaba da shakka za a ji shi.

Ga abin da nake so ka yi a wannan mako. Da dare in ka rufe shago, ka naɗi labarin nan a wayarka sau uku, ba da karantawa ba, da ka. Kada ka haddace kalmomin da na rubuta, don haddacewa tana sa murya ta bushe. Abu uku kawai za ka riƙe, jimlar buɗewa, wurin dakatawa, da maganar ƙarshe ta mutumin. Na farko zai yi wajen minti huɗu, kada ka damu. Ka saurare shi, duk inda ka ji kanka kana cewa "kafin nan ma" ko "na manta ban gaya muku ba", ka san nan ne ka koma baya ɗauko ƙyalle. Na ukun ya sauka ƙasa da minti biyu. Kada ka kai shi fadarku tukuna, sun riga sun ji shi, kuma dariyar shekaranjiya ba ta huce ba. Ka fara gwada shi a kan mutum ɗaya, mai jiran ɗinki a benci ko yayarka in ka je gaishe ta, ka ga ko za ta ce "Innalillahi" a wurin ledar.

In ka yi, ka turo mini sabon saƙon in ji. Ka kuma gaya mini abin da ban samu ba a cikin minti bakwai ɗin nan duka, wanda tun jiya yake raina: da ka ba shi dala ashirin ɗin, ka nemi gafararsa a kan maganar da ka gaya masa?